Tatsuniyar Garin Jiki: darasin jini a wani aji na Agege, da inda tatsuniyar ta yi ɓarna

Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar firamare ta al'umma a Agege. Yara 35 ne a ajina na biyar, kusan dukkansu 'ya'yan Hausawa da aka haifa a nan Legas, masu jin Hausa a gida da Yarbanci a titi da Turanci a allo. Da muka zo darasin jini, na rubuta musu sunayen ƙwayoyin nan uku kamar yadda littafi ya kawo: jajayen ƙwayoyin jini, fararen ƙwayoyin jini, da ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda a asibiti ake ce wa filatilet. Suka haddace tsaf. Bayan kwana biyu na tambayi wani yaro me farin ƙwayar jini ke yi, ya ce da ni ita ce jinin Turawa.

A nan na yanke shawarar in mayar da darasin tatsuniya. Abin da zan bayar a nan shi ne yadda na gina ta, abin da ta koyar da kyau, da kuskuren da na saka a cikinta wanda ya hana wata yarinya zuwa makaranta har kwana huɗu.

Yadda na zaɓi ma'aikatan

Sharaɗin da na kafa wa kaina ɗaya ne: kowane ma'aikaci sai ya zama wanda yaran ke gani da idonsu a hanyar zuwa makaranta. Jan ƙwayar jini aikinta dako ne, tana ɗauko iskar oksijin daga huhu ta kai wa sassan jiki, ta koma ta sake ɗaukowa. Babu ɗan Agege da bai san ɗan garuwa ba, da kurarsa da jarkokinsa, yana kai ruwa gida gida ya koma wajen bohol. To shi ke nan, jajaye suka zama 'yan garuwa, sai dai iska suke dako. Farare suka zama 'yan sintirin unguwa. Filatilet kuwa na daɗe ina juya su a raina, har wata rana na tsaya kallon mai faci a bakin titi yana liƙe tayar Keke, na ce ga su nan.

Ga gangar jikin tatsuniyar yadda na fara ba da ita.

Ga ta nan, ga ta nanku. Yara suka ce, ta zo mu ji ta.

Akwai wani gari, sunansa Jiki. Gidajensa sun fi na Legas yawa nesa ba kusa ba, kuma kowane gida yana da murhu da ke ci dare da rana. Murhun nan ba ya ci sai da iska, kuma babu gidan da ke da tasa iskar. Wuri ɗaya ake samun ta a garin, wata babbar tasha da ake kira Huhu. Sai Sarkin garin ya ɗauki 'yan garuwa masu jajayen riguna. Kowane ɗaya ya je Huhu ya cika jarkokinsa, injin da ake kira Zuciya ya tunkuɗo shi kan babban titi, daga babban titi ya shiga ƙarami, daga ƙarami ya shiga lungu. Lungunan garin matsattsu ne ƙwarai, sai mutum ɗaya ɗaya ke wucewa, shi ma sai ya lanƙwashe jikinsa. A cikin lungun yake sauke iska, ya juyo. In ya fito da kaya rigarsa ja ce jawur, in ya sauke sai ta yi duhu. Kafin ku ƙirga sittin ya zagaya garin ya dawo tasha.

Wata rana da damina, mai garin, wani yaro ne kamar ku, ya fita ba takalmi ya taka fasasshiyar kwalba a bakin kwata. Ganuwar garin ta tsage. 'Yan garuwa suka fara zubewa waje ta wurin tsagar. Nan da nan titin da ya fashe ya tsuke bakinsa. Sai ga masu faci, 'yan mitsi mitsi, waɗanda kullum suke yawo a gefen titi ba wanda ke kula su. Na farko ya taɓa bakin tsagar ya manne, ya yi kururuwa, na biyu ya zo ya manne a jikinsa, na uku ma haka, har suka toshe ramin da jikinsu. Amma toshiyar tasu ba ta da ƙarfi, ruwa zai iya ture ta. Sai aka saƙa raga a kansu da wani zare mai danƙo, ragar ta kama 'yan garuwan da suka zo wucewa, komai ya daskare wuri ɗaya. Wannan shi ne ɓawon da kuke gani a kan ciwo, wanda hannunku ke ƙaiƙayin ɓantarewa.

Kafin a gama toshewa, ɓarayi daga ruwan kwata sun riga sun kutsa. Sai 'yan sintiri suka ji ƙanshinsu. Su 'yan sintiri ba sa tsayawa kan titi kamar 'yan garuwa, suna iya matsa jikinsu ta bangon titi su fita cikin unguwa. Suka auka wa ɓarayin suna haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Wurin ya yi zafi, ya kumbura, ya yi ja. Da yawa daga cikin 'yan sintirin suka mutu a fagen fama, gawarwakinsu da na ɓarayi suka taru, shi ne mugunyar da ke fita daga ciwo. A can sama kuma, a matsematsin cinya, akwai barikin wasu 'yan sintirin na daban, masu ɗaukar hoton ɓarawo su ajiye. Aka kai musu labari, suka taru suna shiri har barikin ya kumbura. Kun san sunansa?

Ajin gaba ɗaya ya ɗauka: kaluluwa!

Wannan amsa ita ce ta fi faranta mini rai a ranar. Kowannensu ya taɓa yin kaluluwa bayan ciwon ƙafa, amma babu wanda ya taɓa haɗa ta da jini ko da faɗan da jiki ke yi.

Dawa, gero da wake

Tatsuniya tana da wani aibi: tana sa yaro ya ɗauka ma'aikatan nan uku yawansu ɗaya ne, tunda kowannensu ya sami rabonsa na labari. A gaskiya ba haka ba ne ko kusa. A ɗigon jini da bai kai kan allura ba, wato maikirolita 1, akwai jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 5, filatilet tsakanin 150,000 da 450,000, farare kuwa tsakanin 4,000 da 11,000 kacal. In aka rage lissafin, kowane ɗan sintiri ɗaya yana tare da masu faci kamar 40 da 'yan garuwa kamar 700.

Faɗin wannan da baki ba ya shiga kan ɗan shekara 10. Sai na sayo jar dawa da gero da farin wake. Kowane yaro ya ƙirga dawa 20 ya zuba a faranti, 35 sau 20 ya ba mu 700. Aka ƙirga gero 40 aka zuba. Ni kuma na jefa wake ƙwaya ɗaya. Girman ma ya yi daidai da tsarin gaskiya, domin farar ƙwaya ta fi ja girma, filatilet kuma ya fi su ƙanƙanta, don shi ɓallin wata ƙatuwar ƙwaya ce da ke zaune a ɓargo. Suka leƙa farantin suka ga ja ne kawai, waken ma sai an tona. Ba sai na sake bayyana musu dalilin da ya sa jini yake ja ba.

A ranar na ƙara musu da shekarun ma'aikata. Duka ukun a cikin ɓargon ƙashi ake yin su. Ɗan garuwa yana aiki kwana 120, sannan saifa ta janye shi daga titi, a kwance ƙarfen da ke jikin jarkokinsa a mayar ɓargo a ƙera sababbi. Mai faci kwana 7 zuwa 10 yake yi. 'Yan sintirin da ke haɗiye ɓarayi ba sa wuce 'yan kwanaki, amma masu ajiye hoto suna iya shekaru, kuma aikinsu allurar rigakafi ke dogara da shi: ana nuna musu hoton ɓarawo tun bai zo ba.

Da na tsaya a nan, da ban sami abin rubutawa ba.

Inda na yi kuskure

A mako na biyu wani yaro ya tambaye ni, “Malama, in 'yan garuwan suka ƙi aiki fa?” Tambayar ta yi mini daɗi, sai na ƙara wa tatsuniyar reshe nan take ba tare da na zauna na yi tunani ba. Na ce akwai garin da 'yan garuwansa suka yi kaɗan saboda babu ƙarfen ƙera jarka, sai murhu ya riƙa ci a hankali, mai garin ya riƙa gajiya da haki, tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari. Maganinsa a ba shi ƙarfe, wato hanta da nama da wake da ganye. Wannan daidai ne, ƙarancin jini ne irin na rashin sinadarin ƙarfe. Sai na zarce na ce akwai kuma garin da 'yan garuwansa malalata ne, karkatattu kamar lauje, ba sa kai kaya, sai dai su kwanta a lungu su tare wa mutane hanya. Na ce wannan ita ce sikila. Na ma kwaikwayi tafiyarsu a gaban allo, yara suka yi ta dariya.

A layi na biyu akwai wata yarinya 'yar shekara 10, zan kira ta Auta don ita ce autar gidansu. Na san tana yawan fashin makaranta, na san idonta yakan yi rawaya. An rubuta SS, wato sikila, a takardarta ta shiga makaranta, kuma na taɓa gani. A lokacin da nake rawar lauje a gaban allo, wallahi ko kaɗan abin bai zo mini ba. Su yaran kuwa sun sani sarai. Da aka fita tara, sai aka fara kiranta mai malalacin jini. Wata ta ƙi shan ruwa da kofinta wai kada malalatan su shigo garinta.

Washegari Auta ba ta zo ba, har kwana huɗu. Ranar Asabar na je gidansu. Mahaifiyarta ta karɓe ni da mutunci, ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa. Ta ce, “Malama, lafiyarta ƙalau wannan karon. Cewa ta yi ba za ta koma ba.” Sannan ta ɗauko wata kwalba daga kan firji ta nuna mini. Maganin ƙarin jini ne mai sinadarin ƙarfe, ta sayo a kemis. Ta ce Auta ce ta dawo ta ce Malama ta ce ƙarfe ke ƙara 'yan garuwa, ta matsa sai an sayo mata ko nata za su daina lalaci. Kwana uku ke nan tana sha.

Ɓarna biyu ke nan daga reshe ɗaya na tatsuniya. Na ba ta haƙuri, na roƙe ta ta dakatar da maganin har sai sun je asibitin da suke zuwa sun tambaya.

Abin da Yaya ta warware mini

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, ta daɗe a ɗakin yara. Da na ba ta labari a daren, ba ta yi mini ta'aziyya ba. Ta ce, “Ke da kike koyar da kimiyya, ina kika ga lalaci a jinin mai sikila? Ai babu ɓargon da ya kai nasu wahala.” Sai ta sa na ɗauko takarda muka bi abin daki daki.

Jarkar da ke cikin jan ƙwaya sunanta himogulobin, ita ce ke riƙe iska, kuma ita ke ɗauke da ƙarfen. A jikin mai sikila an gaji wani nau'in himogulobin daban daga uwa da uba. Muddin yana riƙe da iska, yana aikinsa lafiya lau. Matsalar tana zuwa ne bayan ya sauke: sai ƙwayoyinsa su riƙa mannewa da juna suna yin dogayen sanduna a cikin ƙwayar jinin, su miƙar da ita, ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje. In ta koma huhu ta sake ɗaukar iska takan warware, amma bayan ta yi haka sau da yawa sai ta ƙage a lanƙwashe. Ƙwayar da ta sandare ba ta iya matsa jiki ta wuce lungu, ga shi kuma tana da danƙon manne wa bangon hanya. In suka taru suka toshe, gidajen da ke gaba ba sa samun iska, wannan shi ne azabar ciwon ƙashi da ke kwantar da su.

Sannan ta kawo lissafin da ya kunyata ni. Ƙwayar mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, maimakon 120. Ko da mun ɗauki 20, ɓargon Auta sai ya yi aiki ninki shida kafin ya maye gurbin abin da ke mutuwa, kuma duk da haka ba ya cim ma. Shi ya sa awon jininsu, wanda ake rubuta PCV a takardar gwaji, yakan zauna a ashirin da wani abu ko a ranar da suke lafiya, alhali na sauran yara yana wajen 35 zuwa 40. Rawayar ido kuma daga fasassun ƙwayoyin take. In jan ƙwaya ta mutu, ragowarta takan zama wani launi rawaya da hanta ke fitarwa, to in mutuwar ta yi yawa sai hanta ta kasa kwashewa da sauri, launin ya bayyana a ido.

Game da kwalbar kan firji, Yaya ta ce a nan ne haɗa labarin biyu ya yi illa. Mai ƙarancin ƙarfe ba shi da kayan ƙera jarka. Mai sikila yana da kayan, domin ƙarfen ƙwayoyin da suka fashe ba ya fita daga jiki, komawa yake a sake amfani da shi. In kuma ana yi wa yaro ƙarin jini a asibiti, kowace leda tana shigo da nata ƙarfen, jiki kuwa ba shi da hanyar zubar da rarar, sai ta taru a hanta da zuciya. Don haka ba a ba mai sikila maganin ƙarfe sai gwaji ya nuna yana da ƙarancinsa. Abin da aka saba ba su kullum shi ne folik asid, saboda ɓargon da ke aiki ba hutu yana cinye shi, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Kwana uku na shan tonik ba zai yi mata komai ba, in ji ta, amma da ya zama al'ada ta wata da watanni fa?

Ta ƙara da abu ɗaya da ta ce lallai ya shiga tatsuniyar. Saifa ba wurin ritayar 'yan garuwa kaɗai ba ce, babban shingen 'yan sintiri ce da ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini. A jikin mai sikila toshewar da ke faruwa a kai a kai tana lalata saifa tun yaro yana ƙarami. Saboda haka zazzaɓin da wani yaro zai sha farasitamol ya kwanta, ga mai sikila maganar asibiti ce a ranar, musamman in ma'aunin zafi ya kai 38.5. Ta ce, “Ke ce ke tare da ita daga safe zuwa azahar. In jikinta ya yi zafi a aji, kada ki ce ta kifa kai a tebur har a tashi.”

Sabon reshen

Kafin in sake ba da labarin, na koma gidan na karanta wa Auta da mahaifiyarta abin da na rubuta, na ce in ba su yarda ba ba zan faɗa ba. Auta ta saurara har ƙarshe, ta ce in cire inda na ce “abin tausayi”. Na cire.

Gyaran da na yi shi ne na ɗauke laifin daga kan ma'aikaci na mayar da shi kan kayan aiki. Ga yadda ya koma.

Akwai wani gari da 'yan garuwansa suka fi na kowane gari ƙwazo. Sai dai jarkokin da suka gada daga kakanni wasu iri ne: in suna cike lafiya lau, in aka juye su sai su sarƙe da juna su zama sanda, su lanƙwasa kurar. Ɗan garuwa yana son ya wuce lungu, kura ta ƙi. Na bayansa ya zo ya tsaya, na bayan wannan ma haka, sai gosulo ya haɗu, irin na Oshodi da yamma. Gidajen da ke gaba suna ta kiran iska, wannan kiran shi ne ciwon da mai garin ke ji. Kurar da ke lanƙwashewa kullum ba ta daɗewa, kwana 20 ta karye, don haka maƙeran da ke ɓargo ba sa barci, suna ƙera sababbi ninki shida na maƙeran wasu garuruwa.

Daga nan na tambaye su me ke haɗa gosulo a garin. Muka jero su tare: in ruwa ya yi ƙaranci a jiki titi yakan yi kauri, in sanyi ya kama mutum tituna sukan tsuke, in aka yi gudu fiye da kima gidaje sukan zuƙe iska da yawa jarkoki su yi saurin zama wayam, in kuma ɓarayi suka shigo aka yi zazzaɓi komai yakan rikice. Yaran da kansu suka fitar da abin yi: a sha ruwa, kada a tsaya cikin ruwan sama da jiƙaƙƙun kaya, a huta in an gaji, a faɗa wa babba da zarar jiki ya yi zafi.

Maganar kofi kuwa na tunkare ta kai tsaye. Na ce jarka gadonta ake yi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, ba a ɗaukarta a kofi ko a tabarma. Wanda ya gaji iri ɗaya mai sarƙewa da ɗaya marar sarƙewa shi ne AS, kuma yawanci garinsa na tafiya lafiya bai ma sani ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya haka suke. Na ce su duba ajin nan, mu 35, ba mamaki mutum 8 ko 9 a cikinmu suna ɗauke da irin jarkar nan guda ɗaya. Ajin ya yi tsit, kowa yana satar kallon na kusa da shi. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai in an sami ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Wannan na faɗa ne don na san labarin zai isa gida, kuma a cikin iyayen akwai masu ɗauka cewa jifa ce ko mayu. Biyu daga cikinsu sun aiko suna tambayar inda ake gwaji, na ce kowane babban asibiti yana yi, kuma akwai cibiyar sikila ta ƙasa a Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas.

Abin da ya zauna da abin da bai zauna ba

Bayan mako biyu na gwada su, ba da tambayar haddar suna ba. Na kawo musu yanayi uku da baki. Na farko, yaro ya yanke a yatsa jini yana zuba, me za a yi kuma don me? Kusan duka suka ce a danne da tsumma mai tsabta a riƙe, don masu faci su sami damar mannewa. Na ƙara musu cewa a riƙe minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, domin kowane leƙe yana yage ragar da aka fara saƙawa, kuma kada a zuba ƙasa ko toka ko man birki, wannan buɗe wa ɓarayi ƙofa ne. Na biyu, ciwo ya kwana uku, jan yana faɗaɗa, zafi yana ƙaruwa, ga zazzaɓi. Suka ce ɓarayi sun fi ƙarfin 'yan sintiri, a nemo taimako daga asibiti. Na uku, yara biyu duk suna haki da gajiya, ɗaya ba ya cin nama da wake, ɗaya SS ne, shin maganinsu ɗaya? Mutum 29 suka ce a'a. Shida suka ce e, a ba su maltina da madara. Wannan imani ya fi tatsuniyata tsufa a unguwar, ban kuma yi tsammanin zan kayar da shi a zango ɗaya ba.

Akwai wuraren da na san tatsuniyar tana faɗin abin da ba haka yake ba, na bar su da gangan. Jan ƙwaya ba ta da ƙafa kuma ba ta san inda za ta ba, zuciya ce ke tura ta, iskar kuma da kanta take tsallakawa daga inda take da yawa zuwa inda ta yi ƙaranci. Gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ma yawancinta a narke take dawowa cikin ruwan jini, wanda shi ne fiye da rabin jinin, kuma ban ba shi matsayin ma'aikaci ba sam. Waɗannan za su iya jira har sakandare, domin rashin saninsu ba zai sa yaro ya cuci kansa ko waninsa ba. Wanda ba zan sake bari ba shi ne ba wa ma'aikaci hali, nagari ko mugu, a inda ake maganar ciwon da wani a ajin yake ɗauke da shi. Na kuma lura da wani makamancinsa tun kafin ya yi ɓarna: wani yaro ya ce shi yana son 'yan sintirinsa su fi na kowa yawa. Na ce masa in likita ya ga sun haura sosai a takardar gwaji ba murna yake yi ba, alama ce ta cewa ana yaƙi a garin, ko kuma wani abu ya sami ɓargon.

Auta ta dawo ranar Litinin ɗin da na ba da sabon reshen. Sunan da aka laƙaba mata bai mutu nan take ba, ya ɗauki kusan wata guda, kuma sai da na hukunta mutum biyu. Na sa mata gorar ruwa a kan tebur, na ba ta izinin fita bayan gida ba tare da ta ɗaga hannu ba, domin masu sikila suna yawan fitsari, kuma in aka hana su fita sai su daina shan ruwan. A cikin zangon ta sake kwanciya sau ɗaya, kwana biyar, bayan ruwan sama ya dake ta a hanyar Islamiyya.

Ranar da ta dawo daga wannan kwanciyar muna filin wasa, ana tseren buhu. Ta yi zagaye ɗaya ta zo ta zauna kusa da ni a inuwa, ta buɗe gorarta. Wata ƙawarta ta ƙwala mata kira ta zo a sake. Ta ɗaga mata hannu ta ce, “Ku je, ina sauke gosulo tukuna.” Ƙawar ta ce to, ta juya ta koma layi.